Girki, mowa da bora: kalmomin da ake faɗa a kansu a gidan mata biyu

Tambaya: Malam, mu biyu ne a gidan mijinmu, ni ce uwargida. 'Ya'yana 5, abokiyar zamana tana da 1. Komai zai ba mu sai ya raba biyu daidai, ya ce adalci ke nan, ni kuma kullum nawa ba ya kai ni ko'ina. In na yi magana sai danginsa su ce "amarya ba kya laifi", ni kuma kishi ke damuna. Shin ni ce bora ke nan? Kuma mene ne ainihin ma'anar wannan karin magana?

Amsa: Baiwar Allah, bari mu fara da karin maganar, don ita ce mai sauƙi. Cikakkiyarta ita ce "Amarya ba kya laifi, ko kin kashe ɗan masu gida." Zuguguntawa ce irin ta Bahaushe, ba wanda yake nufin a yafe kisan kai. Abin da take faɗa shi ne sabon shiga yana da uzuri, don bai san kan gida ba tukuna. To amma amarci yana da wa'adi. A fiƙihun Malikiyya, kamar yadda ya zo a Risala ta Ibn Abi Zaid, budurwa tana da kwana 7 nata ita kaɗai, wadda ta taɓa aure kuma kwana 3, daga nan a koma rabon kwana. Matar da ta riga ta haihu a gidan ana iya ci gaba da kiranta amarya don bambanta ta da uwargida, amma sunan ne kawai ya rage. Mai jawo wannan karin magana bayan shekaru ya ɗauko ta daga wurin da take aiki ya kai ta inda ba ta yi. Sai dai ki lura, a abin da kika faɗa ban ga laifin amaryar ba ma. Ba ita take rabon ba.

Mowa ita ce matar da miji ya fi so, bora kuwa wadda ya juya wa baya. Kalmomin biyu ba su da alaƙa da wadda ta riga shigowa: uwargida tana iya zama mowa, amarya ta zama bora tun lallenta bai goge ba. Kuma borancin da Hausawa suke nufi abu ne da ake gani da ido. Ana tsallake ɗakinta, ana yi wa 'yar'uwarta ɗinki a manta da ita, in ta yi magana a gaban mutane a gwasale ta. Mijin da yake raba komai biyu bai mayar da ke bora ba. Kuskuren lissafi ya yi, kuma kuskuren yana cikin kalma ɗaya da ta haɗa abubuwa da yawa, wato girki.

Asalin girki daga girka yake, ɗora tukunya a kan murhu. Amma a gidan da ke da mata fiye da ɗaya, in aka ce "yau girkin wance ne" ana nufin abu uku a lokaci guda: ita ce mai dafa wa gidan duka, ita ce mai karɓar cefane, kuma ita ce mai miji a wannan daren. Shi ya sa ake cewa ta karɓi girki, ta fita girki, kamar mai karɓar aiki da sauka. Saboda kwana da cefane suna tafiya tare a cikin kalmar, maza da yawa sai su ɗauka cewa duk abin da ya shafi mata ma'auninsa ɗaya ne, a raba biyu a huta.

A kan kwana, raba daidai shi ne adalci, ba wata magana. Mai 'ya'ya 5 ba ta fi mai ɗa 1 yawan dare ba, haka tsohuwa da yarinya, haka mai jego da mai lafiya. A kan cefanen ranar girki ma daidai ɗin ne adalci, kuma a nan ne uwayen gida da yawa suke yin kuskure. Ku 9 ne a gidan: shi, ku biyu, da yara 6. Ranar girkinki kina dafa wa baki 9, ranar girkinta ita ma baki 9 take dafa wa, 5 daga ciki naki ne. In kika nemi a fifita ki a cefane don yawan 'ya'yanki, kin nemi abin da ba naki ba, kuma kin ba masu cewa kishi ne hujja a hannu. Wannan in tukunya ɗaya kuke yi. In kowa tana girka nata ne, to cefanen ma sai ya bi yawan bakuna.

Inda aka ƙware ki shi ne abin da yake shiga ɗaki, wanda ba ya bi ta tukunya: sabulu, man shafawa, magani, takalman yara, ɗan abin da yaro zai riƙe in zai tafi makaranta. Mu ce abin da yake ba ku na wata kashi 24 ne. Ya raba biyu, kowa 12. A ɗakinki mutum 6 ne suke cin 12, kowa ya tashi da 2. A ɗakinta mutum 2 ne, kowa ya tashi da 6. Ɗanta yana samun ninki uku na abin da ɗanki yake samu, alhali ubansu ɗaya. Gyaran shi ne a raba kuɗin gida biyu tun kafin ya iso hannunku, na mata daban, na yara daban. A ware 12 na mata, ke 6 ita 6. Sauran 12 a raba wa yara 6, kowane yaro 2. Sai ki tashi da 16, ita ta tashi da 8. A ido kamar an ninka miki, amma abin da ya zama naki na kanki daidai yake da nata, kuma kowane yaro daidai yake da ɗan'uwansa.

Wannan gyara yana da tarkonsa, kuma ya kamata ki sani kafin ki nema. Ita da ta saba karɓar 12 za ta koma 8, kuma ba wanda yake son a rage masa abin da ya saba. In maigida ya yi sauyin a ɓoye, ranar da ta gano za ta ɗauka kin shiga kin fita ne. Don haka shi zai zaunar da ku tare ya faɗi lissafin da bakinsa, ya kuma faɗa cewa duk ranar da ta ƙara haihuwa kasonta zai ƙaru da kansa. In yana da hali, ya fi sauƙi ya bar mata abin da ta saba, ya ƙaro na yaranki a kai. Ke kuma kada ki kai maganar ranar girkinta, kuma kada ki fara da sunanta. Ki ce masa kuɗin yara ne ba ya isa, ki lissafa abin da aka saya a watan da ya wuce. Da zarar kin ce "ita ai ɗanta ɗaya", magana ta tashi daga lissafi ta koma kanta, shi kuma zai shiga kare ta.

Akwai wani wuri da rashin daidaito yake ɓuya a cikin kwanan ma, ko da ƙidayar dare ta yi daidai. Gidajen da suke yin kwana bibbiyu suna zagaye ne a kwana 4, mako kuwa kwana 7 ne, saboda haka ranaku suna juyawa da kansu: a cikin kwana 28 kowace mace za ta sami Juma'a 2, Asabar 2, Lahadi 2. Amma in aka kafe ranaku, aka ce wance Litinin zuwa Laraba, wance sauran, to ɗaya ta sami 4 ɗaya 3, kuma mai ƙarshen mako ita kaɗai take ganin miji a zaune da rana. Haka in ya yi tafiya: ya dawo ya ci gaba daga inda ƙidaya ta tsaya, kada ya sabunta ta daga ɗakin da ransa ya so. Shiga wurin mace da dare a girkin 'yar'uwarta ba tare da lalura ba shi ne Hausawa suke kira satar kwana, kuma ba banza suka zaɓi kalmar sata ba, don haƙƙin wata ne aka ɗauka. Mai kwanan ce kaɗai take iya bayar da shi, kamar yadda Sauda, matar Annabi (SAW), ta bar wa A'isha nata.

Abin da ba ya rabuwa shi ne so. Aya ta 129 a Suratun Nisa'i ta faɗa cewa maza ba za su iya daidaitawa tsakanin mata ba ko sun yi kwaɗayin haka, sannan ta hana karkata gaba ɗaya har a bar ɗaya kamar wadda aka rataye. Malamai sun fassara ɓangaren farko da abin da ke cikin zuciya. Amma tsaraba, sakin fuska, da wadda ake fara yi wa sallama in an shigo gida ba a zuciya suke ba, a tsakar gida suke, kuma yara suna ƙirgawa. Daga nan 'yan ubanci yake tsirowa, wato gabar da ke tsakanin waɗanda suka haɗa uba ba su haɗa uwa ba.

Tambaya: Malam, me ya sa ake cewa "kishi kumallon mata"? Zagi ne?

Amsa: Ba zagi ba ne, ko da yake maza sukan yi amfani da ita don su rufe bakin mace. Kumallo shi ne ɗacin nan da yake taso wa mutum da tashin zuciya, musamman da safe in ciki ba komai. Ba wanda yake kiransa, kuma mai shi ba ya samun sauƙi sai ya amayar, shi ya sa wasu suke ƙarasa ta da "in ya motsa sai an haras". Karin maganar ta yarda cewa kishi halitta ne, kuma daga gare shi aka samo sunan kishiya kanta, kalmar da har masu nazarin harshe suka ara suna cewa fari kishiyar baƙi ne. Wannan kaifin ne ya sa mata da yawa suka fi son "abokiyar zama".

Abin lura shi ne ta ina ake amayarwa. Wadda ta faɗa wa miji abin da ya ɓata mata rai a turaka, ranar girkinta, ta kai ƙara wurin mai iya gyarawa. Wadda ta juya shi habaici, tana yi wa ɗanta ko kazar gida faɗa da murya mai ƙarfi don a ji a ɗaya ɗakin, ta bar wa 'yar'uwarta zaɓi biyu ne kawai: ta yi shiru ta haɗiye, ko ta tanka a ce da ita "wa ya kira sunanki?"