Amsoshin Masu Karatu: Mayar da Bayanin Girki Jerin Kayan Haɗi da Matakai

"Malam, goggona ta faɗa mini yadda ake masa na rubuta kamar haka: 'Ki jiƙa shinkafarki ta kwana, da safe ki wanke ki kai niƙa da albasa, dama kin dafa kaɗan ta huce kin zuba a ciki, sai ki sa yis da ɗan sukari ki rufe, in ya tashi ki sa gishiri, in ya yi tsami ki ɗan zuba ruwan kanwa, sai ki toya.' Ina so in mayar da shi jerin kayan haɗi da matakai masu lamba. Ta ina zan fara?" Wata ɗaliba daga Zariya

'Yata, ki fara da kalmar "dama". Duk wahalar aikin nan tana cikinta. Mai faɗin girki da baki tana bin abin da ya zo mata a rai ne, sai ta yi nisa ta tuna da wani aiki da ya kamata a ce an gama tun ɗazu, sai ta jawo shi da "dama kin". A hira wannan ba laifi ba ne, don mai sauraro tana jin zancen duka kafin ta taɓa tukunya. Mai bin lamba kuwa tana aikata ta ɗaya kafin ta karanta ta biyu. In kika bar dafa shinkafar a inda goggo ta ambace ta, mai karatu za ta riga ta tsame jiƙaƙƙiyar shinkafa, yaro na tsaye zai kai inji, sannan ta ga ashe akwai wata da za a dafa har ta huce. Ko ta tsaya jira, ko ta zuba da zafinta, kuma zafi mai yawa kashe yis yake yi, ƙullu ya ƙi tashi. Saboda haka ki bi zancen ki ja layi ƙarƙashin kowane "dama kin", "kin riga kin", "wadda kika", "kafin nan". Duk aikin da ya biyo bayansu mataki ne mai zaman kansa, kuma wurinsa yana sama da inda aka faɗe shi.

Bayan haka ki tsinci sunayen abubuwa. Goggo ta ambaci shinkafa, albasa, yis, sukari, gishiri da kanwa. Ba ta ambaci mai ba, domin yana cikin kalmar "toya", kuma ba ta ambaci ruwan niƙa ba, domin yana cikin "kai niƙa". Aikatau na girki irin "toya" a Hausa yakan ɗauko kayansa a ciki, mai jeri kuwa dole ta fito da su fili. Haka "shinkafarki": wace? Ta tuwo ake nufi, fara, wadda ba a turara ba. In aka jiƙa turararriya, irin ta dafa-duka, masa ba ta yin laushi yadda ake so. Kuma ki lura shinkafar kashi biyu ce, ta jiƙo da ta dahuwa, don haka layi biyu za ta ci a jeri.

Awo kuwa ba a zaune ake samo shi ba. Ki je ki tsaya kusa da goggo ranar da take yi, duk abin da ta ɗebo da hannu ki tare shi a gwangwani ko cokali kafin ya shiga ƙwarya. Ga misalin yadda zai fito, da awon da ke aiki ga gida ɗaya:

Kayan haɗi (gwangwani a nan na madarar ruwa ne)
- Shinkafar tuwo, gwangwani 3 da rabi, ta jiƙo
- Shinkafar tuwo, rabin gwangwani, ta dahuwa
- Albasa 1 matsakaiciya
- Ruwa, wajen gwangwani 3, na niƙa
- Yis, ƙaramin cokali 2
- Sukari, babban cokali 3
- Gishiri, rabin ƙaramin cokali
- Ruwan kanwa, babban cokali 1 zuwa 2, in ƙullu ya yi tsami
- Man gyaɗa, na tuya

Yadda ake yi
1. A jiƙa shinkafar jiƙo ta kwana, ko a ƙalla awa 6. A jiƙa 'yar kanwa daban.
2. A dafa rabin gwangwanin nan ya dahu luguf, a bar shi ya huce sarai.
3. A wanke jiƙaƙƙiyar, a tsame, a haɗa da dafaffiyar da albasa.
4. A niƙa ya yi laushi luƙui, ana zuba ruwan kaɗan-kaɗan. Ƙullun ya yi kaurin kunu mai kauri, kada ya yi tsululu.
5. A zuba yis da sukari, a juya, a rufe a wuri mai ɗumi har ya kumbura ya yi ƙofofi, awa 2 zuwa 4. Da hunturu yakan fi haka.
6. A zuba gishiri, a buga ƙullun da ludayi, a ɗanɗana. In da tsami, a tsiyayo ruwan kanwa ba tare da abin da ya kwanta a ƙasa ba, a zuba cokali ɗaya, a sake ɗanɗanawa.
7. A ɗora tanda a wuta matsakaiciya ta yi zafi, a zuba mai ƙaramin cokali ɗaya a kowane rami.
8. A zuba ƙullu kada ya cika rami. In gefe ya bushe ya yi ja, a juya, a bar ɗaya ɓarin ya toyu.

Ki dubi mataki na 8. Goggo ta gama shi da kalma uku, "sai ki toya", alhali a nan masa ta fi lalacewa: wuta ta yi yawa baya ya ƙone ciki ɗanye, ko a zuba ƙullu a tanda mai sanyi ya manne, ko a yi gaggawar juyawa ta wargaje. Inda mai baki ta fi gajarta magana, yawanci nan ne hannunta ya fi sabawa, kuma nan ya kamata mai rubutu ta fi yi mata tambaya. Jerin kayan ma ki lura na bi da shi yadda za a buƙace su ne, ba yadda suka zo a zance ba, don mai girki ta riƙa sauka da ido layi-layi.

Abu ɗaya nake roƙon ki: kada ki zubar da alamomi don ki sa agogo. Na ga masu rubuta "a bar shi awa uku" su share "in ya tashi". Awa uku a watan Afrilu a Sakkwato da awa uku a watan Janairu a Jos ba ɗaya ba ne ga yis. Ki rubuta duka biyun, alama da lokaci, amma alamar ce hukunci. Kalmomi irin su luguf, luƙui, tsululu da kirtif ba ado ba ne, awo ne da harshen ya tanada, kuma mai girki ta fi gane su a kan minti.

"Malam, 'ki zuba' za a rubuta ko 'a zuba'?" Wani mai sayar da abinci daga Maraɗi

Duka Hausa ce. "Ki" ta fi ɗumi, amma ta fitar da kai da sauran maza masu tuya daga lissafi. "A zuba" ta haɗa kowa. Wadda ka ɗauka ka riƙe ta har ƙarshe. Abin da ba na so shi ne mataki na ɗaya "ki", na biyu "za a", na uku "mutum ya".

"Shin dole kowane mataki ya fara da 'sai'?"

A'a. Aikin "sai" a zance shi ne nuna abin da ke biye, kuma lamba ta karɓi wannan aikin. Amma kada a cire "har sai", domin ita iyaka take nunawa.

"Malam, na ga wasu na cewa soya masa, wasu toya. Wanne ne daidai? Kuma masa ce ko waina?" Wata uwargida daga Kumasi

Hajiya, masa toya ta ake yi, shi ya sa ake cewa mutum bai san wainar da ake toyawa ba. Nama da kifi da kayan miya su ake soyawa. Na san yanzu bakin mutane da yawa ya koma "soya" a komai, kuma ana fahimta, amma a rubutun matakai wannan sakaci yana da tsada, domin a can aikatau shi ne umarnin gaba ɗaya. Wadda ba ta taɓa ganin tanda ba, in ta karanta "soya", tana iya tsoma ƙullu cikin mai mai yawa.

Abin da ya fi damuna ma shi ne "haɗa" da "dafa", waɗanda suka cinye sauran kalmomi a rubutun matasa. Ana kwaɓa fulawa, ana dama kunu da fura, ana tuƙa tuwo bayan an yi talge, ana buga ƙullun ƙosai don iska ta shige shi, ana kaɗa miyar kuka da maburgi. Motsin hannu biyar ke nan, kowanne da abin da yake haifarwa, sai a tattara su a ce "a haɗa". Haka wajen wuta: tafasa daban, sulala daban, turara daban. Dambu turara shi ake yi. Wanda ya rubuta "a dafa dambu" ya ba sabuwar amarya izinin zuba tsaki cikin ruwa, ta sami fate. In za ki kwashe zancen wata tsohuwa zuwa matakai, aikatau ɗin da ta yi amfani da shi shi za ki ɗauka, kada ki musanya shi da wanda ya fi miki sauƙin rubutawa.

Masa da waina kuwa abu ɗaya ne a nan. Kanawa sun fi cewa waina, a Bauchi da wurare da yawa masa. Sai dai waina ta fi faɗi, akwai ta ƙwai, ta fulawa, ta rogo, don haka a kan take a rubuta "wainar shinkafa".

"Zan iya rubuta mudu ko tiya a jerin kayan haɗi?"

Za ka iya, in dai ka faɗi gwangwani nawa ke cikin naka. Mudu ba ɗaya ba ne daga kasuwa zuwa kasuwa, kuma akwai bambanci tsakanin awon da aka yi wa tozo da wanda aka shafe.

"Ina so in sa karin magana a saman jerin kayan haɗi. 'Mai haƙuri yakan dafa dutse' ta dace?"

An ɗauko ta ne don akwai "dafa" a ciki, alhali zancen haƙuri take yi, kuma cikonta "ya sha romonsa". Wadda ta dace da jerin ita ce "ba a fafe gora ranar tafiya", tunda amfanin jerin shi ne a tanadi yis da kanwa tun daren da aka jiƙa shinkafa. A sa ta a gabatarwa, a sama da jeri, kada ta shiga cikin matakai.