Za a biya ni da wuri, amma wa zai bi ni bashi?

"Kamfanin da nake kaiwa masara sai bayan kwana 90 suke biya, yanzu sun ce bankinsu zai iya biyana cikin kwana 10 a cire wani abu. Bashi ne a kaina ko yaya?"

Ba bashi bane a kanka Malam, kudinka ne ka karba da wuri. Da zarar kamfanin ya sa hannu ya amince da takardar kudin kayanka, banki zai biya ka, ranar da kwana 90 ta cika kuma kamfanin ne banki zai bi bashi, ba kai ba. Shi yasa ake yanka kudin ruwan da darajar kamfanin ba taka ba, kuma ba a neman ka kawo jingina. Misali kayan miliyan 10, a ce 24 cikin dari a shekara, kwana 80 da suka rage za a cire maka wajen dubu 526, ka kwatanta da ribar da zaka samu in ka juya kudin a kasuwar Dawanau.

Amma ka karanta yarjejeniyar da kyau, wallahi nan ne ake cin mutane, in akwai sharadin cewa banki zai dawo kanka idan kamfanin ya kasa biya to ya zama bashi kenan. Sannan kwana 10 din daga ranar amincewa ake kirgawa, ni akwai kamfanin da ya rike min takarda sati uku wai ana duba danshin masara, babu ko sisi har suka sa hannu.