Bashin sefa, ajiyar naira: ina tarkon yake?

Tambaya: "Ina fataucin hatsi tsakanin Kamba da Gaya. Abokina na Nijar zai samo mini bashin sefa miliyan 10, ruwa kashi 8 cikin ɗari a shekara. Ina so in canza su naira in sayi takardun bashin gwamnati masu ba da kashi 20. Ba ribar banza ba ce wannan?"

Alhaji, tazarar kashi 12 da ka hango gaskiya ce, amma sefa za ka biya, kai kuma naira za ka riƙe shekara guda. Nan gizo ke saƙa.

Mu ɗauka jakar sefa, wato sefa 1,000, tana naira 2,500 ranar da ka canza. Ka samu naira miliyan 25, bayan shekara su zama miliyan 30. Mai bashi yana binka sefa miliyan 10 da dubu 800. Idan canji bai motsa ba, naira miliyan 27 za ta saye su, ka tashi da miliyan 3. Amma da zarar jaka ta kai wajen naira 2,780, ribar ta ƙare ƙaf. Tashin kashi 11 ke nan kacal. In ta kai 3,200, sai ka nemi naira miliyan 34 da dubu 560, ka ciko fiye da miliyan 4 da rabi daga jarin hatsinka. Ban ma sa abin da ɗan canji zai ci shiga da fita ba.

Abin da 'yan kasuwar iyaka kan manta shi ne sefa a ɗaure take da yuro, 655.957 a kan yuro ɗaya. Wanda ya ci bashin sefa, bashin yuro ya ci. Naira kuwa mun ga halinta: a farkon 2023 dala tana kusan naira 460 a farashin gwamnati, aka bar kasuwa ta yanke farashin naira a watan Yuni, zuwa Fabrairun 2024 dala ta haura 1,400. Babu ruwan ajiyar da zai cike wannan rami. Dama gwamnati ba don kyauta take ba da ruwa mai yawa ba, don hauhawar farashi ne da tsoron faɗuwar kuɗin.

Ka riƙa lura da tazarar farashin banki da na 'yan canji. In ta fara buɗewa, faɗuwar naira na tafe, kuma lokacin kowa ke rububin sefa, kuɗinka na kulle sai wa'adi ya cika, ko ka sayar da takardun da ragi.

A ganina, bashin sefa sai wanda cinikinsa ke shigowa da sefa. In masu sayen hatsinka a Gaya da sefa suke biyanka, da ita za ka biya, canji bai shafe ka ba. Batun halaccin ruwan kuma, ka fara kai shi gaban malami kafin ka sa hannu.