Tsawon farabola da faɗin jikinta

"Na juya y = x², x daga 0 zuwa 1, kewaye da layin y, na nemi faɗin jikin kwanon da ya fito, na samu 3,14. Malaminmu a Garwa ya soke. Ina na kauce?"

Ƙanena, dx ka sa a wurin ds, wato ɗan guntun tsawon lanƙwasar. Abin da ka auna inuwar kwanon ce a ƙasa, da'ira mai faɗin π.

Tunda y' = 2x, ds = √(1+4x²) dx. Fara da tsawon:

L = ∫√(1+4x²) dx = √5/2 + ln(2+√5)/4 ≈ 1,479

Miƙaƙƙen zare tsakanin bakunan biyu √2 ≈ 1,414 ne, dole lanƙwasa ta ɗan fi shi.

Jikin kwanon ma ya fi sauƙi, domin a ∫2πx ds akwai x a wajen alamar √. Ɗauki u = 1+4x², du = 8x dx, u daga 1 zuwa 5:

S = ∫2πx ds = (π/6)(5√5−1) ≈ 5,33

Kada ka bar iyakokin a 0 da 1 bayan ka koma u. Nan na taɓa zubar da maki.