Wa'adin barin aiki: yaushe ne ranata ta ƙarshe?

Tambaya: Assalamu alaikum. Na samu sabon aiki, sun ce in fara ranar Litinin, 2 ga Nuwamba. Takardar ɗaukata aiki a inda nake yanzu ta ce in ba da notis na wata ɗaya. Ina shirin miƙa wasiƙata ranar Litinin, 5 ga Oktoba, kuma ina da sauran hutun kwana huɗu. Zan iya tafiya ƙarshen Oktoba? Yaya zan rubuta ranar?

Amsa: Wa'alaikumus salam, 'yar'uwa. Allah Ya sanya alheri. Kin kyauta da kika fara duba takardar, domin ita ce ke yanke tsawon wa'adi, ba abin da aka saba ji a bakin abokan aiki ba. Idan ta yi shiru, ana komawa ga dokar ƙwadagon ƙasar da mutum yake aiki. Sake karanta sakin layin takardar da ya yi maganar wa'adi a natse. Wasu takardun sukan rage wa'adin ga wanda ke lokacin gwaji, wasu kuma sukan ce dole ya ƙare da ƙarshen wata.

To ga lissafin. Yawanci ana fara ƙirga ne daga washegarin ranar da wasiƙa ta isa hannunsu, ba ranar da kika rubuta ta ba. Idan suka karɓa 5 ga Oktoba, wata ɗaya zai cika ranar Alhamis, 5 ga Nuwamba. Da takardar ta ce kwana 30, da ranar Laraba, 4 ga Nuwamba ce, da kuma mako huɗu ta ce, da ranar Litinin, 2 ga Nuwamba. Mutane kan ɗauka duk ɗaya ne, alhali ga shi kwana uku tsakanin na farko da na ƙarshe. Naki wata ɗaya ne, saboda haka idan kika kwashe kayanki ranar Juma'a, 30 ga Oktoba, da sauran kwanakin aiki huɗu a kanki.

Na san idonki na kan hutun nan, tunda ya yi daidai da giɓin. Amma ki lura, hutu ba ya gajarta wa'adi. Ko sun yarda ki ci shi daga 2 zuwa 5 ga Nuwamba, har yanzu ke ma'aikaciyarsu ce a waɗannan kwanakin, kuma takardu da yawa sun hana yi wa wani aiki kafin a rabu. Ba kuma ke kaɗai ke tsayar da lokacin hutu ba, sai da amincewarsu.

Ni shawarata, fara da sabon wurin. Ki gaya musu wa'adinki na cika 5 ga Nuwamba, ki roƙi su mayar da ranar farawa Litinin, 9 ga wata. Mako ɗaya ba abin da zai ɓata, kuma za su ga cewa ke mai cika alkawari ce. In sun ƙi, sai ki nemi shugabanki ya yafe miki kwanakin, a rubuce, domin maganar baka takan ɓace ranar lissafin albashi. Wasu takardun sun ba da damar biyan kuɗi a madadin kwanakin da suka rage. In taki na da wannan, ki tambayi adadin kafin ki amince.

Wajen rubutawa, ki guji cewa "zan ajiye aiki daga 5 ga Nuwamba". Mai karatu ba zai san ko za ki zo ran nan ko kin riga kin tafi ba, kuma a irin wannan ne ake yanke wa mutum albashin yini. Haka ma "ƙarshen wata" ko "nan da wata ɗaya". Ki ambaci rana, kwanan wata da shekara, kamar haka:

"Ina sanar da ku cewa zan ajiye aikina, tare da ba da wa'adin wata ɗaya kamar yadda takardar ɗaukata aiki ta tanada. Ranar aikina ta ƙarshe ita ce Alhamis, 5 ga Nuwamba, 2026."

Idan an amince da hutun, sai ki raba ranakun biyu: ranar ƙarshe da za ki zo ofis Juma'a, 30 ga Oktoba, aikin kuma ya ƙare 5 ga Nuwamba.

Ki buga kwafi biyu, ki kai wa wanda takardar ta ce a kai wa, ki tsaya ya sa hannu da kwanan wata a kan naki kafin ki fito. Idan ta imel ce, ki aika a lokacin aiki, ki nemi su amsa suna tabbatar da ranar. Wasiƙar da ta kwana uku a kan teburin wanda ya yi tafiya za ta iya tura wa'adinki zuwa 8 ga Nuwamba. Kada kuma ki miƙa ta sai takardar sabon aikin ta shigo hannunki da sa hannunsu.