Lissafin kusa da ɗari, da yadda aka ci ni da shi

Maigida, ran Alhamis da mai sari ya ɗauki alabe 96 a kan dala 93 kowane, kafin in ciro waya har ka faɗi kuɗin. Don Allah yaya ake yi?

Kai yaro, ku dai waya waya, ran da caji ya ƙare shikenan kanku ya ƙare. Ba ka duban 96 da 93, abin da ya rage su cika ɗari kake duba. Ɗaya saura 4, ɗaya saura 7. Cire 7 daga 96, ya zama 89, ɗari-ɗari ke nan, 8900. Sai 4 sau 7, 28, ka ɗora a kai. Dala 8928, jika 44 da dala 128. In 4 sau 7 ma sai na koya maka to koma lakkol.

Wannan 28 ɗin da kake gani kamar ba komai ba, a kan irinta aka ci ni shekara biyu. Lokacin mahaifina Allah ya jiƙansa bai daɗe da bar mini rumfar ba a kasuwar Dole, akwai wani mai sari da ke zuwa kusan kowace Alhamis, ba zan faɗi sunansa ba, mutum ne mai fara'a, carbi a hannu, ko shayi aka kawo shi ke biya. Ba ya cika ɗari, kullum tamanin da wani abu zai ɗauka. Ranar da ba na mantawa alabe 88 ya ɗauka a dala 87. Ya ce Malam mu sauƙaƙa, mu ɗauka ɗari ne a dala ɗari, dala 10000. Alabe 12 babu, cire 1200. Kowane an rage dala 13, cire 1300. Saura 7500, jika 37 da rabi. Ya ƙirgo ya miƙo, ni kuma har ina jin daɗi wai na samu abokin ciniki mai kai.

To ina 12 sau 13? Dala 156 ke nan, ya haɗiye. Kuma ka gane dalilin, don in ka gane ba mai yi maka. Da ya cire alabe 12 a dala ɗari-ɗari ai sun fita gaba ɗaya. Da ya zo rage dala 13 sai ya rage a kan alabe ɗari cif, har da waɗancan 12 da ba su cikin kayan. An cire musu sau biyu, dole a maido. Kuɗina na gaskiya 7656 ne. Ka lura 156 ta wuce ɗari, to ɗarin nan hawa take kan 75 ta zama 76, ba a yar da ita.

Wani tsohon baduku da ke rumfar kusa da mu ne ya ji lissafin wata rana, bayan mutumin ya tafi ya kira ni ya ce 8 sau 7 nawa, na ce 56, ya ce to yaya kuɗinka ya ƙare da sifili? Wallahi jikina ya yi sanyi. Lambar ƙarshe ta kaya sau lambar ƙarshe ta farashi, da abin da suka ƙare da shi jimla za ta ƙare, in ba haka ba akwai ɓata. Daren nan ban yi barci ba, na ɗauko littafin rumfa na bi shi layi layi, abin ya tasam ma jika sittin. Kuɗin rago! Da na tare shi sai ya ce ai kuskure ne, ɗan Adam ajizi ne. Kuskuren da bai taɓa faɗawa ɓangarena ba ko sau ɗaya? Bai sake takowa rumfata ba, kuma ko dala bai maido ba.

Wani wurin da yara ke faɗuwa, in abin ɗorawar ƙarami ne. 98 sau 97, 95 ne da 6, wato 9506, ba 9560 ba, gurbi biyu ne na ƙarshen, sai ka sa sifili. In kuma ɗaya ya haura ɗari ɗaya bai kai ba, kamar 104 a dala 97, cire 3 daga 104, 10100, amma 4 sau 3 ɗin cirewa ake yi, 10088. Nan kai ne za ka cuci mutum in ka ƙara, kuma ban yarda a ci haƙƙin kowa a rumfata ba.

In lambobin sun yi nisa, irin 73 da 68, ragowar ta yi girma, hanyar ba ta da wani sauƙi, nan ciro wayar taka ban hana ba. Alhamis mai zuwa kai za ka faɗi kuɗin mai sarin da bakinka, ina zaune ina ji.