Shin ruwan bama-bamai ne ya karya Jamus a Yaƙin Duniya na Biyu?

Tambaya: "Malam, na karanta cewa jiragen Birtaniya da Amurka sun shafe shekaru suna rugurguza biranen Jamus da masana'antunta, amma kuma an ce makaman da Jamus ke ƙerawa ƙaruwa suka yi ta yi har 1944. To mene ne amfanin abin? Ko dai mutane kawai aka kashe a banza?"

Amsa: Abin da ka karanta gaskiya ne, ɗan'uwa. Daga farkon 1942 zuwa Yulin 1944 yawan makaman da Jamus ke fitarwa ya ninka kusan sau uku. Sai dai abubuwa uku ne aka haɗa a ƙarƙashin suna ɗaya, kuma ba su yi daidai wajen cin nasara ba: ƙona birane don mutane su karaya, rusa wata masana'anta guda da ake ganin komai ya dogara a kanta, da yanke man fetur da hanyoyin jirgin ƙasa. Na farko bai cim ma abin da aka yi alkawari ba. Na biyu ya ci tura. Na uku shi ne ya yi aiki, amma a makare.

Tunanin ya samo asali ne daga ramukan Yaƙin Duniya na Ɗaya, inda miliyoyin samari suka mutu a kan 'yan kilomitoci. Wani janar ɗan Italiya, Giulio Douhet, ya rubuta a 1921 cewa jirgin sama zai iya tsallake sojoji ya je ya bugi farar hula a gidajensu, su kuma su tilasta wa gwamnatinsu ta miƙa wuya. Birtaniya ta shiga Yaƙin Duniya na Biyu da irin wannan fata, amma da niyyar bugun wurare takamaimai. Da rana jiragen Jamus suka yi ta kakkaɓo nata, sai ta koma tashi da dare. A Agustan 1941 aka ba wani ma'aikacin gwamnati mai suna Butt hotuna sama da 600 da jiragen suka ɗauka lokacin sakin bom, ya duba. Cikin jiragen da matuƙansu suka ce sun kai ga inda aka aike su, ɗaya cikin uku ne kawai ya kusanci wurin da tazarar mil biyar. A yankin Ruhr, inda hayaƙin masana'antu da bindigogin kakkaɓo jirage suka fi yawa, ɗaya cikin goma ne. Wato galibin bama-baman gonaki suke nomewa.

Daga nan ne manufar ta juya. Tunda ba a iya samun masana'anta a cikin duhu, sai a nemi abin da ba ya ɓata, wato birnin gaba ɗaya. A Fabrairun 1942 aka ba da umarnin a mai da hankali ga karya zuciyar jama'a, musamman ma'aikata, kuma a watan ne Arthur Harris ya karɓi rundunar jiragen Birtaniya masu jefa bom. Ni a ganina wannan shi ne abin da aka fi mantawa a muhawarar: gazawar kayan aiki ce ta haifi manufar ƙona birane, hujjojin daga baya aka ɗinka mata su.

Hamburg ce inda dabarar ta kai ƙololuwarta. A ƙarshen Yulin 1943 jiragen Birtaniya suka watsa siraran takardun gwangwani a sama, na'urorin hangen jirage na Jamus suka rikice. Daren 27 ga wata ana zafi, iska a bushe. Manyan bama-bamai suka fasa rufi da tagogi da bututun ruwa, ƙananan na wuta suka biyo baya suka kunna katakon gidaje. Gobarar unguwanni ta haɗe ta zama ɗaya, zafi ya tashi sama yana zuƙo iska daga kowane gefe da ƙarfin guguwa. Da yawa daga waɗanda suka ɓuya a ɗakunan ƙarƙashin ƙasa wuta ba ta taɓa su ba, hayaƙi da rashin iska ne suka kashe su a zaune. Mutum wajen 40,000 suka mutu a makon, kusan miliyan ɗaya suka gudu daga birnin. Albert Speer, ministan makamai, ya gaya wa Hitler cewa idan aka yi wa wasu birane shida haka, ƙera makamai zai tsaya. Ba a iya maimaitawa ba. Cikin wata biyar kuma Hamburg ta dawo da kusan kashi 80 cikin ɗari na abin da take samarwa, domin tsakiyar gari da gidajen talakawa ne suka ƙone, manyan masana'antu da yawa suna gefe.

Zuciyar mutane ta karaya, babu shakka. Amma wanda gidansa ya ƙone, a ƙasar da 'yan sandan ciki ke kama mutum kan magana ɗaya, ba tawaye yake tunani ba. Miya mai zafi yake nema da katin abinci da wurin kwana, kuma duk a hannun gwamnati suke. Sai ya ƙara jingina da ita. Abin mamaki shi ne Turawan Birtaniya sun ga haka da idonsu: Jamus ta kashe musu sama da mutum 40,000 tsakanin Satumban 1940 da Mayun 1941, ba su miƙa wuya ba, amma suka ɗauka Bajamushe zai yi.

Amurkawa sun zo da wata dabara. Su da rana za su tashi, a jere cikin gungu, su saita su bugi abin da tattalin arzikin yaƙi ba zai iya rayuwa ba sai da shi. Suka zaɓi boris, 'yan ƙwallayen ƙarfen nan da kowane bakanike ya sani, waɗanda injin jirgi da tankar yaƙi da mota ba sa juyawa sai da su. Kusan rabin na Jamus a gari ɗaya ake yin su, Schweinfurt. A takarda lissafin ya yi kyau ƙwarai. Ranar 17 ga Agusta 1943 jirage 376 samfurin B-17 suka tashi zuwa Schweinfurt da Regensburg, 60 ba su dawo ba. Kowane jirgi mutum goma ne a ciki. Ranar 14 ga Oktoba aka sake aika 291, aka sake rasa 60. Dalili kuwa ƙananan jiragen rakiya man su ba ya kai su can, suna juyawa tun wajen iyakar Jamus, sauran tafiyar kuma jiragen Jamus su yi ta cin karensu babu babbaka.

An samu masana'antun, kuma abin da suke fitarwa ya faɗi sosai na ɗan lokaci. To me ya hana yaƙin tsayawa? Na farko, bom yana rushe rufi da bango, amma injin ƙarfe mai nauyi sau da yawa kwashe ɓaraguzai kawai ake yi a goge shi ya ci gaba da aiki. Sannan akwai boris jibge a rumbunan kamfanoni da na soja, ana kuma sayo wasu daga Suwidin. Injiniyoyi suka sake fasalin wasu kayan yadda za su yi aiki da wani nau'i mai sauƙi, aka rarraba sauran aikin zuwa ƙananan garuruwa. Babban abin shi ne tazarar wata biyu tsakanin harin farko da na biyu, kuma bayan na biyun asara ta hana a koma sai a shekara mai zuwa. Speer da kansa ya ce daga baya da an ci gaba da bugu ba ƙaƙƙautawa da sun shiga uku. Kwamitin binciken da Amurka ta tura Jamus a 1945 bai sami shaidar cewa rashin boris ya rage fitar da muhimman makamai ba.

Abin ya canja a farkon 1944, da aka samu jirgin rakiya samfurin P-51 Mustang mai ƙarin tankunan mai da ake yarwa a sama, wanda ke iya zuwa Berlin ya dawo. Yanzu dole matuƙan Jamus su taso su kare masana'antu, su kuma tarar da masu jiransu. Jirgi ana ƙera wani, amma ƙwararren matuƙi ba a sati ake yin sa ba. Ranar 12 ga Mayu 1944 Janar Carl Spaatz na Amurka ya fara bugun matatun da ke mai da kwal ya zama fetur, irin ta Leuna. Wannan ba kamar masana'antar boris ba ce. Matata ce shimfiɗeɗɗiya cike da bututu da tukwane masu matsin iska, ba ta ɗaukuwa a kai wani ƙauye, ba ta ɓoyuwa, kuma ɓarna a sashe ɗaya tana tsayar da duka. Dubban ma'aikata su gyara, jiragen leƙen asiri su ɗauki hoto su ga hayaƙi ya fara tashi, a sake dawowa. Leuna kaɗai an buge ta sama da sau ashirin. Man jirgin sama da Jamus ke samarwa, wanda ya kai tan 175,000 a Afrilu, ya koma ƙasa da kashi ɗaya cikin goma na haka a Satumba. A Agusta kuma sojojin Tarayyar Sobiyet suka ƙwace rijiyoyin man Ploesti a Romaniya.

Ka ga inda lissafin ninkawa sau uku yake ruɗin mutum. Jamus ta ƙera jirage wajen 40,000 a 1944, amma da yawa a ƙasa suka zauna, babu mai, kuma an datse sa'o'in koyar da sababbin matuƙa. A harin da Jamus ta kai a dajin Ardennes na Beljiyam a Disamba sojojinta sun bar tankoki a hanya sun taka da ƙafa saboda mai ya ƙare. Daga kaka kuma aka koma kan tashoshin jirgin ƙasa da magudanan jiragen ruwa, kwal ya taru a Ruhr babu hanyar fita, masana'antun da ko bom bai taɓa ba suka yi sanyi. Kusan kashi 70 cikin ɗari na duk nauyin bama-baman da aka jefa wa Jamus bayan tsakiyar 1944 aka jefa su, don haka shekarun da makamai ke ƙaruwa shekaru ne da harin bai kai ƙarfinsa ba tukuna.

Masana har yau suna jayayya a kan abin da ba a iya aunawa, wato nawa Jamus za ta ƙera da ba a taɓa ta ba. Masanin tarihi Adam Tooze yana ganin hare-haren Ruhr na Maris zuwa Yulin 1943 sun rage ƙarfe har suka tsayar da hauhawar makamai na watanni. Richard Overy ya fi jaddada abin da Jamus ta karkatar don kare kanta: dubban manyan bindigogi masu bakin milimita 88, waɗanda su ne dodon tankoki, suna kallon sama a gida maimakon su fuskanci Rasha, ga ɗaruruwan dubban mutane masu harba su da masu kwashe ɓaraguzai, ga mafi yawan jiragen faɗa an janye su daga fagen daga. Wannan hujja ce mai nauyi. Amma ka lura ba ita aka yi wa alkawari tun farko ba, kuma harin matatu da layin dogo ma zai tilasta wannan kariyar ba sai an ƙona unguwanni ba.

Masu suka su ma suna da nasu lissafin. Rundunar Harris ta rasa ma'aikatan jirgi sama da 55,000 cikin kimanin 125,000, rundunar sojan saman Amurka ta takwas ta rasa wajen 26,000, farar hular Jamus da suka mutu kuma sun haura 350,000. Harris ya ci gaba da raina harin mai ko bayan alƙaluma sun nuna yana aiki, ya yi ta musayar wasiƙu masu zafi da shugabansa Portal a kai a ƙarshen 1944. A Fabrairun 1945, sojojin Sobiyet na bakin kogin Oder, man Jamus ya riga ya kusa ƙarewa, aka ƙona Dresden. Kwamitin masana tarihi da birnin ya kafa ya kammala a 2010 cewa mutum har 25,000 ne suka mutu a can.